Ɗan baffana ya nemi rancen riyal 35,000, ta yaya zan rubuta masa cewa ba zan iya ba?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda da matata da yara uku, dukansu a kan iƙamata suke, wato takardar izinin zamana a Saudiyya. Albashina riyal 6,500 ne. Ɗan baffana da ke Makka, wanda ya girme ni, kuma a gidan mahaifinsa na sauka lokacin da na zo ƙasar nan, ya nemi in ranta masa riyal 35,000, zai kama shagon kayan tsaraba kafin Hajji, ya ce bayan Hajji zai maido. Ba ɗan ƙasa ba ne, da sunan wani za a buɗe shagon. Duk abin da na tara cikin shekara shida riyal 42,000 ne. Nan da wata huɗu zan sabunta iƙama, ga rabin kuɗin haya 9,000 yana jirana. Yau kwana goma ban ba shi amsa ba, in na ga kiransa gabana faɗuwa yake yi. Ina so in rubuta masa cewa ba zan iya ba, amma in taimaka da ɗan abin da ya sawwaƙa. Me zan ce da ba zai ɓata zumunci ba?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, rubuta masa a daren nan, ko gobe da safe in ka makara. Shirun da ka yi ya fi amsar da kake tsoron bayarwa haɗari, domin mai neman rance ba ya fassara shiru da "a'a", yana fassara shi da "ana haɗa kuɗin".

Na taɓa zama sulhu tsakanin wasu 'yan'uwa biyu a nan Jidda, su ma 'ya'yan wa da ƙane. An nemi rance, wanda aka nema a wurinsa ya ji nauyi, ya ce "bari mu ga ƙarshen wata, in sha Allahu." Ƙarshen wata ya zo ya sake cewa haka. Shi kuwa mai nema, da ya ji "in sha Allahu" daga bakin ɗan'uwansa, sai ya je ya ajiye kafin alƙalami na riyal 5,000 a kan wata mota. Da gaskiya ta fito a wata na uku, motar ta tafi, kafin alƙalamin ma bai dawo ba. Ina tuna shi zaune a bakin darduma, shayin gabansa ya huce bai taɓa ba, yana ta maimaita magana ɗaya: "Da ya gaya mini tun ranar farko, wallahi da ban ji haushi ba." Bai taɓa cewa an hana shi ba. Cewa yake an yaudare shi. Yayanka yana lissafi da lokacin Hajji, watakila ma ya fara magana da mai shago, don haka kowace rana da ta wuce tana rage masa damar neman wata hanya.

Amma kafin ka ɗauki alƙalami, zauna da takarda kai kaɗai ka gano ainihin abin da kake da shi, domin wasiƙar da aka rubuta da zuciya mai waswasi ana gane ta. Mutum huɗu a kan iƙamarka, kowane riyal 400 a wata kamar yadda kuɗin iyali, wanda hukuma ke karɓa a kan iyalin baƙo, ya tsaya tun daga Yulin 2020, ya kama 1,600 a wata, 19,200 a shekara. Haɗa da 9,000 na haya, 28,200 ke nan. Waɗannan ba kuɗinka ba ne, ajiya aka ba ka, masu su suna tafe da ranar da za su karɓa. Abin da ya rage 13,800 ne. Idan ka cire haya da kuɗin iyali daga albashinka, kusan 3,400 ne ke saura maka a wata na ci da sha, makaranta, wuta, mota da ɗan abin da kake tarawa. Mai iƙama kuwa zamansa a ɗaure yake da aikinsa, ranar da aiki ya tsaya komai zai iya tsayawa tare da shi. Ware na wata uku, wajen 10,000, don irin wannan rana. Abin da ya saura bai kai 4,000 ba. Wannan shi ne kuɗin da za ka iya fitarwa ba tare da ka taɓa abincin 'ya'yanka ba. Hadisi ingantacce ya ce ka fara da wanda kake ciyarwa, saboda haka ka daina kallon kanka a matsayin mai rowa. Riyal 35,000 da ake nema babu su a hannunka, ko da allon waya yana nuna 42,000.

Ni a ganina ka ba shi 3,000, kuma kyauta, ba rance ba. Dalilina shi ne ƙaramin rance tsakanin dangi yana ɗauke da duk wahalar babban rance. Za ka ji nauyin tambaya, shi zai ji nauyin haɗuwa da kai, ya fara zame maka a wurin suna da ɗaurin aure, alhali kuɗin ba su kai su raba mutane ba. Ramce da daɗi, biya da wuya. Kyauta kuwa ranar da aka ba da ita magana ta mutu. In ka san mutum ne da zai ji kyauta daga ƙane ta rage masa girma, kira ta gudummawa, kalma ce da kowane Bahaushe yake karɓa ba tare da sunkuyar da kai ba. In kuma ya dage sai dai rance, to ku rubuta: nawa ne, ranar biya yaushe, da shaidu biyu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu wanda zai ce ka raina shi don ka nemi a rubuta.

Ga yadda zan rubuta da ni ne kai. Ka sauya kalmomin su dace da bakinka, domin ya san yadda kake magana.

> Assalamu alaikum wa rahmatullah.
>
> Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baffa? Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. A gaishe mini da uwargida da yara.
>
> Da farko ka gafarce ni a kan jinkirin amsa. Nauyinka ne ya hana ni magana da wuri, kuma na san ban kyauta ba, tunda kana lissafi da lokaci.
>
> Na gode da ka ga na isa ka kawo mini wannan magana. Na zauna na duba halin da nake ciki, gaskiyar magana ba zan iya ba da rancen riyal 35,000 ba, duka ko rabi. Abin da ke hannuna yana da hidimar da ke jiransa, ta iƙamar iyali da haya, kuma in na taɓa shi ba ni da inda zan mayar. Haka kuma ba zan iya ciyo bashi da sunana ko tsaya wa wani bashi ba. Na faɗa maka a fili ne don kada ka jira ni wata dama ta wuce ka.
>
> Abin da zan iya shi ne riyal 3,000, gudummawa ce daga ƙanenka, ba rance ba, kada ka sa a ranka za ka maido. Zan turo ranar Alhamis in Allah ya kai mu. Na san bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba, a yi haƙuri da shi.
>
> Ban manta da alherin Baffa da naka a kaina ba, kuma ba zan manta ba. Wannan magana tsakanina da kai ce, ba wanda zai ji ta daga bakina. Ina nan tafe ranar Juma'a in gaishe da Baffa, mu zauna.
>
> Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya rufa mana asiri duniya da lahira.
>
> Ƙanenka.

Ka lura na sa ka kira shi Yaya daga farko har ƙarshe. Ɗan baffa a wurinmu wa ne, babu wasa a tsakani. Da ɗan kawunka ne ko ɗan goggonka, wato taubashinka, da ka samu sararin sassauta maganar da ɗan barkwanci, ya mayar maka, a yi dariya a wuce. Da wa kuwa barkwanci a irin wannan wuri raini ne, musamman da yake babba ne ya sauke girmansa ya nemi abu a wurin ƙarami. Wannan saukowar ita ce abin da ya fi yi masa ciwo, ya fi kuɗin, shi ya sa godiya ta zo kafin hani.

Gaisuwar ta cika, amma ba ta yi tsawo ba. Yana buɗe saƙon idonsa amsa yake nema, in ka jera masa sakin layi biyar na yabo da tuna baya, zai ɗauka albishir ke tafe, faɗuwar ta fi zafi. Kuma jimlar hanin ba ta da "watakila", ba ta da "a yanzu dai", ba ta da "sai dai nan gaba". Mu Hausawa mun iya lulluɓe magana, kuma a wurare da yawa ado ne, amma a nan duk ƙofar da ka bari a sakaye zai dawo ya tura ta, ba don naci ba, don buƙata. "A yanzu dai" yana nufin a sake tambaya bayan albashi. "Duka ko rabi" kuwa na sa shi ne don abin da ke biyo baya kusan kullum shi ne "to ko ashirin ne." Tausasawa wurinta gaisuwa, godiya da addu'a. A Suratul Isra'i aya ta 28 an umarci wanda ba shi da abin da zai ba dangi da mabuƙata ya faɗa musu magana mai sauƙi, kuma magana mai sauƙi ba ta nufin magana mai harshen damo.

Dalili ɗaya na sa ka bayar, kuma na gaskiya. Kada ka ce "ba ni da ko sisi." Jidda da Makka tafiyar awa guda ce, matanku suna waya, ana haɗuwa a biki. Ranar da aka ji ka biya haya ko ka sauya taya, maganarka ta zama ƙarya, kuma ƙaryar za a riƙe, a manta da uzurin. Kada kuma ka yi rantsuwa a kan abin da kai kanka ka san akwai lauje cikin naɗi. A ɗaya gefen, kada ka buɗe masa lissafin da muka yi a sama. Da zarar ka rubuta lambobi, ka mayar da wasiƙar teburin ciniki. Zai ce iƙama ai sai nan da wata huɗu, kafin nan Hajji ya wuce ya maido maka, kuma a kan takarda maganarsa za ta yi kama da gaskiya. Abin da takarda ba ta nunawa shi ne kayan tsaraba suna iya kwantai, alhazai su tafi a bar mutum da katan-katan na carbi da dadduma, ita kuwa ranar ƙarewar iƙama ba ta matsawa, jinkirin ma tara yake jawowa. Haka nan kada ka jingina hanin ga matarka, ko da ita ta fara nuna damuwa. Kai za a yafe maka bayan wata biyu, ita za ta ɗauki sunan "wadda ta raba 'yan'uwa" har tsufanta.

Jimlar nan ta ciyo bashi da tsayawa, kada ka cire ta ko da ta yi maka nauyi a baki. A ƙasar nan ita ce ƙofa ta biyu da ake ƙwanƙwasawa: "Tunda kana da albashi a banki, ka ciro mini, ni zan riƙa biya," ko "sa mini hannu kawai a wurin mai kaya." Bashin da aka ci da sunanka naka ne, daga albashinka za a cire, kuma in an yi jinkiri sunanka ne zai ɓaci a SIMAH, inda bankuna ke duba tarihin bashin mutum. Wanda ya tsaya wa wani kuwa, in mai bashin ya gaza shi ake nema. Mafi tsanani ita ce takardar alkawarin biya da ake kira sanadi li'amri, wadda yanzu har ta waya ake amincewa da ita a Nafith, shafin da ake rajistar irin waɗannan takardu. Mai riƙe da ita ba ya buƙatar doguwar shari'a, kotun zartarwa yake nufa kai tsaye. In an sanar da mutum ya wuce kwana biyar bai biya ba, ana iya riƙe asusunsa, a hana shi fita ƙasa. Ka ga wanda ya ƙi ba da 35,000 daga aljihunsa amma ya sa hannu a kan 35,000, bai tsira da komai ba, ya ma ƙara wa kansa. Ko kwasar adashi aka ce ka ba shi ya riƙa zubi a madadinka, rance ne ya sauya riga, ranar da ya fasa zubi ƙofarka uwar adashi za ta zo.

Akwai abin da na bari da gangan ban sa a wasiƙar ba, shi ne maganar buɗe shago da sunan wani. Wannan shi ne abin da hukuma ke kira tasatturi, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar, tana hawa kan mai sunan da wanda ya fake a bayansa, baƙo kuma a fitar da shi daga ƙasa bayan hukunci. Ko hukuma ba ta shigo ba, a takarda shagon da kayan cikinsa na mai sunan ne, in suka saɓa Yayanka ba shi da inda zai kai kuka ba tare da ya tona kansa ba. Wajibi ne ka gaya masa wannan, haƙƙin 'yan'uwantaka ne. Amma ba a takarda ɗaya da hani ba. Nasihar da ta zo tare da "ba zan iya ba" ba a jin ta a matsayin nasiha, ana jin ta kamar "ka hana ni kuma kana koya mini hankali." Bari sai kun zauna ku biyu, bayan an ci abinci, ka kawo ta a sigar tambaya: "Yaya, wannan mutumin da za a sa sunansa, in wani abu ya faru, me ke hannunka?" Ka bar shi ya yi tunani. Saboda wannan ne ma na kira 3,000 ɗin gudummawa daga ƙane, ban ce ta shago ba, kuma kada ka yarda a ce an sa maka hannun jari a ciki. In ka fi samun natsuwa, ka ce a sa su a hidimar gida ko maganin Baffa.

Game da alherin da aka yi maka, jimla ɗaya ta isa. In ka yi shiru a kansa, za a ce ka manta. In ka tsawaita, kana gina masa hujja a kan kanka. Saukar da Baffa ya yi maka ba bashi ba ne da ake biya da riyal a rana ɗaya. Ana rama shi da ziyara, da tsayawa a asibiti ranar da jiki ya motsa, da ɗaukar ɗawainiyar da ƙarfinka zai iya, shekara da shekaru.

Ka tura a rubuce, ba saƙon murya ba. A murya za a ji rawar bakinka, kuma kana cikin magana tausayi zai ja ka ka ƙara abin da ba ka shirya ba. Rubutu kuma yana ba shi damar karantawa shi kaɗai, ya haɗiye abin da zai haɗiye ba a gaban ƙanensa ba. Ka tura masa shi kaɗai, kada ya bi ta hannun kowa, amma ka rubuta kamar Baffa zai karanta, domin yana iya karantawa. Ranar da ka ce za ka turo kuɗin, ka turo ko bai amsa ba. Kyautar da aka yi alkawari ta makara ta fi hanin ɓata rai.

Kada ka tsammaci amsa mai daɗi nan take. In ya rubuto "Allah ya saka da alheri" kawai, ko ya yi kwana uku shiru, ba komai, mutum ne yake lallashin zuciyarsa, kada ka bi shi da saƙonnin ban-haƙuri. In ya maido da kuɗin, kada ka sake turawa, ka riƙe su, ranar ziyara ka kai wa gidan buhun shinkafa da abin yara, sauran ka sa a hannun Baffa. Alamar da za ta nuna wasiƙar ta bar ƙofa a buɗe ita ce ya dawo da sabon adadi ko sabuwar rana. A nan kada ka ƙirƙiro sabon dalili, domin sabon dalili yana nuna na farkon bai isa ba. Ka maimaita na farko da ladabi: "Yaya, yadda na faɗa maka ɗin nan ne, da da hali da ba sai ka maimaita ba."

Mai yiwuwa Baffa ya kira ka da kansa, kuma wannan ne wurin da mutane da yawa suke karyewa. Kada ku yi ta a waya. Ka ce masa kana tafe. In ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka saurare shi har ya gama ba tare da ka katse shi ba. Shi kam za ka iya buɗe masa abin da ka ɓoye a wasiƙa, domin uba ne, ba ciniki zai yi da kai ba: mutum huɗu a kan iƙama, 19,200 nan da wata huɗu, ga mai gida yana jiran 9,000. Dattijon da ya daɗe a ƙasar nan ya san abin da ke samun gidan da iƙamarsa ta mutu. Sai ka ce, "Baffa, in na ba da kuɗin nan aka samu akasi, gida biyu ne za su dawo kanka maimakon ɗaya." Daga nan ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana.